Kasafin sashen sufuri na 2025: ƙari a kan na bara ko farawa daga sifili?

Sashen da yadda aka saba

Kamfanin matsakaici ne, yana rarraba kayan masarufi daga wani babban sito da ke unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano. Sashen sufurinsa yana da ma'aikata 22, wato direbobi da yaran mota da bakanike biyu da magatakarda ɗaya, sai motocin ɗaukar kaya takwas masu amfani da man dizal. Shida ne ke kan hanya. Biyu sun fi shekara a kafe a bayan sito, ɗaya ma an ɗora ta kan bulo. Motocin suna kai kaya kasuwannin Singa da Sabon Gari da Dawanau, suna kuma fita garuruwa irin su Wudil, Gaya, Bichi, Ɗambatta da Rano. Ni akanta ce a sashen kuɗi na kamfanin, kuma ni aka ɗora wa bin kasafin wannan sashe. Alƙaluman da ke nan na taƙaita su don sauƙin karatu.

Yadda aka saba yin kasafi ba ya ɗaukar fiye da yini biyu. A watan Nuwamba manajan sufuri zai ɗauko takardar bara, ya ɗora wani kaso a kan kowane layi, ya kawo. Shugaban kamfani, wanda kowa ke kira Alhaji, zai ɗan rage wani abu, a sa hannu. Wannan shi ne kasafin ƙari: abin da aka ba ka bara shi ne tushe, abin da ake tattaunawa kawai shi ne ɗorin. Kasafin 2023 naira miliyan 120 ne. A Nuwamban 2023 aka ɗora kashi 25 cikin 100 a kan komai, na 2024 ya zama miliyan 150. A ciki albashi da alawus sun ɗauki miliyan 45, dizal miliyan 50, gyaran motoci miliyan 20, hayar motocin waje miliyan 10. Ragowar miliyan 25 ta rabu tsakanin inshora da takardun mota, wutar lantarki, hayar wani ƙaramin sito na biyu, da tarkacen ofis.

Janairu zuwa Satumba 2024: layin dizal ya ƙare

Kashi 25 ɗin da aka ɗora bai dace da kowane layi ba. Tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, har da taya da batir da kayan gyara. Cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya shafa kai tsaye, shi dizal an daɗe da barin farashinsa ga kasuwa, amma faɗuwar naira ta ja shi sama. A 2024 sashen ya riƙa sayen lita a kan kimanin naira 1,300. Hayar sito kuwa ba ta motsa haka ba.

Ana ɗibar kimanin lita 4,500 a wata daga tankin sito, wato naira miliyan 5.85. Miliyan 50 ba za ta wuce wata takwas da rabi ba, kuma haka aka yi: a tsakiyar Satumba layin dizal ya ƙare ƙaf. Manaja ya hango haka tun Mayu, sai ya fara jinkirta sabis da sayen taya domin ya tara abin da zai cike giɓin mai. Babu wanda ya hana shi, tunda jimillar sashen ake dubawa a ƙarshen wata, ita kuma a lokacin ba ta nuna komai ba.

Motar da ba a yi wa sabis ba ita ce ke tsayawa a hanya. Wata ranar Laraba a watan Agusta, mota ɗauke da katan-katan na taliya da man gyaɗa ta mutu kafin a shiga Wudil, ruwa na zuba. Direba da yaronsa suka rufe kayan da tamfol suka zauna a ƙarƙashin mota har la'asar, kafin a samo motar haya daga gari ta kwashe. Kuɗin wannan haya, naira dubu 100, an rubuta shi a layin hayar motocin waje, babu alamar cewa rashin canza belt na dubu 18 ne ya jawo shi.

Da muka yi hasashen ƙarshen shekara, sai ga dizal zai ci miliyan 70, gyara ya tsaya a miliyan 12, haya ta haura zuwa miliyan 19, wuta ta tashi daga miliyan 7 zuwa 11. Jimilla miliyan 175.

Ƙarshen Satumba 2024: gwajin farko, ƙari a kan na bara

Saboda abin da ya faru, Alhaji ya ce a kawo kasafin 2025 da wuri. Manaja ya yi abin da ya saba: miliyan 150, ya ɗora kashi 30, ya kawo miliyan 195. Hujjarsa ita ce hauhawar farashi a ƙasa ta haura kashi 30 a lokacin, kuma gaskiya ne, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun kai kashi 34.8 a Disamban shekarar. Shugaban sashen kuɗi ya nuna masa cewa dizal a wannan lissafi zai samu miliyan 65, ƙasa da abin da aka ƙona a bana. Wato tun kafin shekara ta fara an san layin zai sake ƙarewa.

Sai aka juya tushe. Aka ɗauki abin da aka kashe a zahiri, miliyan 175, aka ɗora kashi 30, ya ba da miliyan 227.5. A wannan lissafi gyara ya samu miliyan 15.6, haya kuma miliyan 24.7. Layin da aka matse ya ci gaba da zama a matse, layin da ya kumbura saboda wannan matsi ya samu ƙarin kuɗi. Alhaji bai shiga wannan bayani ba. Ya duba jimilla kawai ya ture takardar.

"Malam, cinikinmu bai ƙaru da rabi ba, ta yaya kuɗin mota zai ƙaru da rabi? Ba zan wuce 190 ba."

"Ranka ya daɗe, to sai dai a faɗa mini motar da zan ajiye."

Babu wanda ya iya amsa wannan a wurin, domin takardun biyu ba su nuna abin da kowace mota ko kowace hanya take ci ba.

Oktoba 2024: gwaji na biyu, komai daga sifili

Shugaban sashen kuɗi ne ya kawo shawarar a fara daga sifili. Tsarin ba sabo ba ne. Peter Pyhrr ya tsara shi a kamfanin Texas Instruments na Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960, Jimmy Carter ya yi amfani da shi lokacin yana gwamnan jihar Georgia, sannan ya kai shi gwamnatin tarayyar Amurka a 1977, aka daina bayan ya sauka. A nan gida ma, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ce da wannan tsari ta shirya kasafin 2016. Ƙa'idarsa ita ce babu layin da yake da haƙƙin samun ko kwabo don kawai ya samu bara. Ana rarraba aikin sashe gida-gida, a rubuta wa kowane aiki takardar hujja mai nuna abin da ake yi, abin da zai ci, da abin da zai faru idan ba a yi ba. Kowace takarda tana da mataki uku: mafi ƙarancin abin da aikin zai rayu da shi, matakin da ake kai yanzu, da matakin ƙari. Daga nan a jera takardun bisa muhimmanci, a riƙa ba su kuɗi daga sama har inda kuɗin ya ƙare.

Ranar 7 ga Oktoba aka raba fom ɗin. An ba sashen mako uku. Fom 41 suka dawo, har da na ruwan leda na direbobi, na katin waya, da na tsintsiya da sabulun wanke mota. A cikin 41 ɗin, 36 an yi musu alamar "dole". A mafi yawansu, adadin da aka rubuta a matakin mafi ƙaranci shi ne dai aka rubuta a matakin yanzu. Da aka tara, jimilla ta kai miliyan 240, ta wuce duka ƙoƙarin baya biyu.

Fom ɗin dizal, wanda shi ne mafi girma, layi uku ne kacal: lita 4,500 a wata, sau goma sha biyu, sau farashi. Da na tambayi magatakarda daga ina 4,500 ta fito, sai ya ce abin da ake saye ke nan. Wato adadin bara ne ya dawo ta bayan gida. Ba laifinsa ba ne. Littafin tafiye-tafiye an daina cika shi tun 2022, kuma a motoci uku cikin shida agogon kilomita ba ya aiki. Fom ɗin ruwan leda kuwa ya cika shafi guda, da lissafin jaka nawa ake sha a mako lokacin zafi da lokacin sanyi, don shi kam magatakarda ya san amsarsa.

Akwai kuma tsoro. Jin an ce kowane aiki sai ya kare kansa, sai direbobi suka ɗauka sallama ake shirin yi. Babban direba, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana tuƙi, ya tare ni a bakin tankin mai.

"Hajiya, gaya mana gaskiya. Mu nawa za a kora?"

"Baba, ba maganar kora ba ce, lissafin mai muke so mu gane."

"To in lissafin mai ne, ai ba a fom yake ba. Ki zo da asuba ki ga yadda ake zubawa."

Zaman jera takardun da aka yi ranar 30 ga Oktoba ya ɗauki awa huɗu, an tashi ba a wuce takarda ta tara ba. An makale a kan ko inshora ce ta fi muhimmanci ko taya, alhali mota ba ta fita babu ɗayansu. Washegari aka dakatar da aikin.

1 zuwa 16 ga Nuwamba: rarraba layuka da awon mai

Maimakon a koma tsohon tsari gaba ɗaya, sai aka raba layukan kasafin gida uku. Gida na farko shi ne abin da doka ko yarjejeniya ta riga ta yanke: albashi, inshora da takardun mota, hayar sito. Waɗannan ba sa buƙatar takardar hujja, ana ɗauko adadinsu ne daga takardun yarjejeniya. Albashi ya tashi daga miliyan 45 zuwa 54, saboda sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya ɗaga na yaran mota, na sama da su ma dole a ɗan matsa. Gida na biyu ƙananan layuka ne da duka-duka ba su wuce miliyan 5 ba, aka ɗora musu kashi 20 aka wuce. Gida na uku layuka uku ne: dizal, gyara, haya. Su kaɗai sun ci miliyan 101 cikin 175. Su aka fara daga sifili.

Na bi shawarar Baba. Mako biyu ina zuwa sito bayan sallar asuba. Hanyar awon mai sauƙi ce: a cika tankin mota har baki kafin ta fita, idan ta dawo a sake cika shi har baki, abin da ya shiga a karo na biyu shi ne abin da tafiyar ta ci. Motocin da agogonsu ya mutu, sai muka auna tsawon hanyoyinsu da motar da nata ke aiki. Matsakaicin abin da ya fito shi ne kilomita 5 a kowace lita, mota da kaya.

Daga nan lissafin kowace hanya ya zama abu ɗaya: yawan tafiya a mako, sau makonnin aiki, sau tsawon hanya, a raba da kilomita 5. Hanyar Wudil da Gaya, zuwa da dawowa haɗe da ratse-ratsen sauke kaya, kilomita 140 ce. Sau uku a mako, mako 50 a shekara, ya ba da kilomita 21,000, wato lita 4,200. Da aka yi wa duka hanyoyi haka, na cikin gari da na waje, aka samu kilomita 210,000 a shekara, lita 42,000. Abin da ake saye kuma lita 54,000 ne. Akwai lita 12,000 da tafiye-tafiyen ba su bayyana ba.

Rabin wannan, lita 6,000, janaretan sito ne yake sha. Daga tanki ɗaya ake ɗiba da jarka, kimanin lita 500 a wata, kuma tun da aka kafa janaretan ana rubuta shi a layin motoci. Wasu lita 4,000 kuma na motocin nan biyu ne da ke kafe. A littafin tanki har yanzu kowace tana da kason lita 40 a mako, ana sa hannu ana ɗiba. Bincike ya nuna wani ɓangare yana tafiya ne a matsayin man gaggawa ga sauran motoci, wani a motar ofis, wani kuma ba a gano inda ya shiga ba. Sauran lita 2,000 direbobi suka danganta da cunkoso: mota ta shiga layin Singa da hantsi tana iya yin awa biyu injin na aiki ba ta yi tafiyar rabin kilomita ba. Wannan an yarda da shi, aka bar shi a kasafi da sunansa.

Awon ya kuma nuna cewa motar Gaya tana fita da rabin lodi a mafi yawan ranaku. Aka mayar da tafiyar sau biyu a mako, aka rage lita 1,400. Kasafin dizal ya tsaya a lita 42,600. A karon farko an rubuta yawan lita daban, farashi daban: naira 1,400 kowace lita, jimilla miliyan 59.6. Aka rubuta a ƙasa cewa duk ƙarin naira 100 a farashi zai ƙara miliyan 4.26, kuma aka ajiye miliyan 6 a hannun sashen kuɗi saboda haka, wadda ba za a taɓa ba sai idan farashi ne ya tashi. Idan lita ce ta ƙaru, manaja ne zai yi bayani.

Gyara an gina shi daga kilomita ɗin da aka riga aka samu. Kowace mota tana yin kusan kilomita 35,000 a shekara, sabis duk kilomita 5,000, wato sau bakwai. Motoci shida, sabis 42, kowane naira dubu 150, ya kama miliyan 6.3. Taya 36 ta kama miliyan 6.5. Bakanike ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta manyan gyare-gyaren da aka jinkirta, suka kai miliyan 9.2. A nan ne matakai ukun nan suka yi aiki, don akwai zaɓi na gaske a kan motocin da ke kafe: a bar su, a tayar da ɗaya a kan miliyan 6, ko a tayar da duka biyu. Aka zaɓi na tsakiya, ta kan bulon kuma a sayar. Gyara ya zama miliyan 28, fiye da ninki biyu na abin da aka kashe a 2024.

Haya kuma sai da muka zazzage baucocin shekara guda. An ɗauki motar waje sau 190. Da muka haɗa ranakun da na littafin bakanike, sau 110 ranar da motarmu ta lalace ne, sau 80 kuma lokacin da kaya suka yi yawa, galibi gab da azumi da kafin sallah. Aka yi kasafin 80 kawai, miliyan 9, kuma aka tara su a watannin da suka dace. Tsohon tsari yana raba kuɗin shekara gida goma sha biyu daidai, alhali azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma na 2025 a farkon Maris zai kama.

Ƙaramin sito na biyu, wanda aka kama haya a 2021, an tarar da shi kusan babu komai a ciki sai tsofaffin faleti, wato katakan da ake jera kaya a kai. Kowa ya yarda a sake shi. Sai dai yarjejeniyar ta ce a ba mai gida sanarwar wata uku kafin 1 ga Janairu, mu kuma muna tsakiyar Nuwamba. Dole aka saka miliyan 6 na shekara guda, aka aika takardar sanarwa don 2026.

Ƙarshen Nuwamba: abin da aka sa wa hannu

Man janareta, miliyan 8.4, an cire shi daga layin motoci, aka raba shi biyu tsakanin sashen sufuri da sashen sito, tunda su ma da shi suke aiki. Manajan sito bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja: kuɗin da bai taɓa gani a takardarsa ba ne ya faɗo masa. Manajan sufuri ya nemi miliyan 4 don saka na'urar bibiyar mota, buƙatar ta zo ƙasan jeri, aka ɗage ta. Kasafin sashen ya tsaya a miliyan 188.8, ƙasa da iyakar da Alhaji ya yanka. Ya sa hannu ranar 28 ga Nuwamba. Ba a sallami kowa ba.

2025: yadda shekarar ta kasance

An gyara agogon kilomita na motoci ukun a Janairu, aka dawo da littafin tafiye-tafiye, magatakarda yana kawo lita da kilomita duk ranar Asabar. Motar da aka ce za a tayar ba ta hau hanya ba sai Afrilu, saboda jiran kayan gyaran giyarta, don haka azumi ya wuce babu ita. Wani babban dila a Gaya ya yi ƙorafin kaya suna yanke masa, aka mayar da tafiya ta uku a watannin ciniki.

A ƙarshen Disamba motoci sun sha lita 44,100, wato 1,500 fiye da kasafi. Farashin da aka saya kuwa ya sauka zuwa kimanin naira 1,200. Dizal ya ci miliyan 52.9, ƙasa da kasafi da miliyan 6.7. Da yake an raba lita da farashi tun farko, an iya ganin cewa saukar farashi ta kawo rarar miliyan 8.8, ƙarin lita kuma ya cinye miliyan 2.1 daga ciki. Miliyan 6 da aka ajiye ba a taɓa ta ba. An ɗauki motar haya sau 104 maimakon 80, miliyan 11.4. Gyara ya kai miliyan 31 saboda giyabos ɗin wata mota da bakanike bai hango ba. Jimillar sashen kimanin miliyan 187. Layin dizal bai ƙare kafin shekara ta ƙare ba, kuma ba a ɗebi kuɗin gyara an zuba a mai ba.

Abin da na fahimta

Idan aka tambaye ni ko farawa daga sifili ya rage wa kamfanin kuɗi, zan ce bai rage yadda ake zato ba. A haɗa miliyan 188.8 da rabin man janareta da ya koma wani sashe da miliyan 6 ta ajiya, za a samu miliyan 199, fiye da 195 ɗin da manaja ya fara kawowa. Ragin gaske lita 4,000 ne na motocin da ke kafe, da ɗan abin da aka rage a hanyar Gaya, da tafiyar haya 86 da ba a yi ba. Rarar ƙarshen shekara kuma yawancinta kasuwa ce ta kawo, ba mu ba. Abin da ya canza shi ne inda kuɗin ya zauna: a takardar 195, gyara zai samu miliyan 26 da dizal 65 bisa lita 54,000 da ba wanda ya bincika, kuma da farashi bai sauka ba da an sake cin kuɗin gyara kafin Disamba.

Kasafin ƙari bai gaza don rashin kyawunsa ba. Ya yi wa sashen aiki shekaru, lokacin da farashi ke tashi tare kuma aikin bai canza ba. Ya gaza ne da abu biyu suka haɗu: layuka suka daina tashi tare, sannan tushen da ake ɗorawa a kai ya cika da abubuwan da suka mutu. Ana iya gane wannan hali tun kafin lokacin kasafi. Layi ɗaya yana ƙarewa a watan takwas ko tara, ana yawan ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, kuma idan aka tambayi mai riƙe da layin lita nawa ko tafiya nawa kuɗinsa ke saye, sai ya faɗi naira.

Gwajin Oktoba kuma ya gaza ne don an nemi hujja daga mutanen da ba su da awo, kuma an ba tsintsiya da dizal fom iri ɗaya. Mako uku na cika fom bai fito da ko lita ɗaya ba, mako biyu a bakin tanki ya fito da 12,000. Jera takardu bisa muhimmanci ya yi amfani a wuri biyu kawai, motocin da ke kafe da na'urar bibiya, domin can ne ake iya cewa e ko a'a ba tare da aiki ya tsaya ba. Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na sito: da mun karanta yarjejeniyar a Satumba, da miliyan 6 ba ta fita ba.

Kasafin 2026 an yi shi cikin kwana huɗu. Dizal an ɗora shi a kan lita 44,100 da littafi ya nuna, aka sabunta farashi. Gyara da haya an ɗan daidaita su bisa na 2025. Layin da aka ware don farawa daga sifili a wannan karo shi ne na wutar lantarki da janareta, kuma manajan sito ne da kansa ya nemi a saka wa janaretan mita.